Kyautar dangi da takardar shagonki

"Gwaggo ina wuni. Yaron da ke man lissahi ya kawo takardar riba da asara ta watan jiya, ciniki 270,000 amma riba 70,000 kawai. Ya ce kyautar da nike ma dangi ce ke cinye ni. To ai al'ada ce, in daina ne?"

Lahiya lau ɗiyata, na ga hoton takardar da kinka turo, sai da na sa tabarau na bi ta layi layi. Kar ki daina kyauta, tun muna kitso a tsakar gida nan Gusau ba a amsar kuɗin ƙanwar miji ko ɗiyar maƙwabta, in kin hana zance zai yi yawa kuma ke za ki ji kunya ranar biki. Amma kin zuba kyautar taki inda ta fi ciwo, kuma takardar ta nuna haka in kin san inda za ki duba.

Ki bar kallon 270,000 ɗin nan na sama, wannan ciniki ne, kuɗin da ya ratsa hannunki ya wuce. Kowane aiki ki ɗauke shi shi kaɗai, ki cire abin da ya ci, abin da ya rage shi ne nashi.

Fara da wankin kai da busarwa tunda shi kike ji da shi. Kai 60 a 2,000, 120,000 ke nan, ya fi kowa a sama. An cire shamfu da man kai 25,000, ruwan 'yan garuwa 10,000, kason yarinya 20,000, yaron ya rubuta saura 65,000. To nan ne ya yi kuskure, don ya kai fetur ɗin janareta 45,000 can ƙasa ya haɗa shi da haya da kuɗin wuta sai ka ce na kowa ne. Ki tambayi kanki, don wa ake tada janareta da rana tsaka? Mai kitso ba ta buƙatarshi, mai lalle ma haka, in zahi ya yi yawa tabarma za su jawo su koma inuwa. Diraya ce ke shan man nan, saboda haka ki maido shi ƙarƙashin wankin kai, sai ki ga 65,000 ta koma 20,000. Kai 60, wuni kina tsaye hannu cikin ruwa, kowane kai bai bar maki ko 350 ba.

Yanzu dubi lalle da kike rainawa, mutum 30 a 2,500, 75,000. Garin lalle da salatif da sauran tarkace 10,000, kason mai zane 25,000, saura 40,000, ninki biyu na wankin kai ba hayaƙi ba ƙara. Kitso shi ma 75,000, rabi na mai kitso, ɗan mai 2,500, ya bar 35,000. Sai dai shi ki tuna yana cin lokaci, ƙananan kitso sai ya riƙe kujera awa uku, takarda ba ta rubuta wannan, ke za ki lura.

In kin haɗa ukun 95,000, a cire haya 15,000 da wuta 10,000, ga 70,000 ɗinki. Kuma ban ga ladan aikinki ba a ciki, ki yanka ma kanki albashi ki sa shi a layi, abin da ya rage bayan nan shi ne ribar shago ta gaskiya.

To mu dawo kan dangi. Kin ce man kusan mutum 10 kike wanke ma kai kyauta a wata, ba su cikin 60 ɗin amma shamfu da ruwa da fetur sun sha da su. 80,000 ke nan a raba ma kai 70, kowane kai ya haura 1,100, goman nan sun ci sama da 11,000, fiye da rabin abin da wankin ya bar maki. Da lalle kinka yi masu, kayan mutum ɗaya bai kai 350 ba in ke kinka zana da hannunki, kuma wallahi mace ta fi jin daɗin a gan ta da jan lalle a wurin suna. In yarinyarki ce ta yi aikin ki biya ta kasonta, kyautarki ce ba tata ba, ni na taɓa rasa mai kitso mai hannu saboda wannan sakacin kuma har yau ina jin abin.

Ki sayi ƙaramin littahi ki riƙa rubuta kowace kyauta da kowane bashi ranar da anka yi, ki ce ma yaron wata mai zuwa ya ware masu layinsu. Wankin kai kuma ko ki ƙara 500 ko ki riƙa tara kawuna uku kafin a tada janareta, ki gwada wata guda ki sake turo man takardar mu gani. Ki gaida mamanki.