SSD ɗina mai tera 2 yana nuna fayil amma ba sa buɗewa

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Gusau, na sayi SSD na waje a onlayin an rubuta 2TB a kwalin, kuma da na jona a laftof ya nuna 2TB ɗin. Na zuba aikin biki huɗu, na farko yana buɗewa lafiya lau, sauran kuma sunan yana nan amma in na danna sai ya ce fayil ya lalace. Bairos ne ko me?

Amsa: Ɗan'uwa sannu, wallahi na tausaya maka don na san aikin mutane ne a hannunka. Ba bairos ba ne, duk alamu sun nuna jabu aka sayar maka, kuma kafin komai ka daina zuba masa wani abu tun yanzu, waɗanda suke buɗewa ka kwashe su zuwa laftof yau ɗin nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kwamfuta ba ta auna girman abin da ka jona mata, tambaya kawai take yi. A cikin kowane SSD ko filasha akwai wani ɗan ƙaramin cif da yake kula da shige da ficen bayanai, shi ne yake gaya wa kwamfuta ni girmana kaza ne, ita kuma ta yarda ta rubuta maka a sikirin. To masu haɗa jabun nan wannan cif ɗin suke sauya wa bayani, a ciki wurin ajiyar bai wuce giga 64 ba ko ma 32, amma a baki yana cewa tera 2 ne. Shi ya sa duba Properties ba ya nuna komai, ƙaryar da aka gaya wa kwamfutar ita za ta maimaita maka. Kwanaki wani yaro ya kawo min irinsa shago muka ɓalle murfin da sukundireba, abin da muka tarar ɗan memori ne irin na waya an manna shi da gam a kan wani ƙaramin allo, sai guntun ƙarfe a gefe don in ka ɗauka ka ji da nauyi.

Dalilin da kake ganin sunayen kuwa, jerin sunayen fayil a farkon wurin ajiyar ake rubuta shi, inda yake na gaske. Bikin farko ya samu wuri ya zauna. Da giga 58 ko 59 ɗin da ke ciki suka cika, sauran da kake turawa cif ɗin karɓa yake yi ya zubar ya ce maka an gama, wasu ma sun fi mugunta, zagayowa suke yi su hau kan na farko su taka shi. Saboda haka kar ka kai wa kowa kuɗi wai zai dawo maka da su daga cikinsa, abin da bai taɓa shiga ba ba ya fitowa. Inda za ka sa rai shi ne memorin kyamararka, in ba ka sake ɗaukar wani aiki a kai ba ka ajiye shi gefe kar ka taɓa, ko da ka riga ka yi masa fomat, sau da yawa ana iya ceto bidiyon daga nan.

Yanzu gwaji, don ka samu hujjar da za ka riƙe. In Windows kake amfani da shi ka sauke H2testw, kyauta ce, 'yar ƙaramar manhaja ce daga Jamus shi ya sa za ka ga ta buɗe da Jamusanci, ka danna English a sama. Bayan ka kwashe kayanka ka goge komai a SSD ɗin, sai ka danna Select target ka zaɓe shi, sannan Write + Verify. Aikinta mai sauƙi ne, tana cika wurin da fayil masu giga ɗaya-ɗaya, in ta gama ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta shi ta tarar. Matsalar lokaci ce, jabun nan gudunsu yakan tsaya wajen mega 15 a sakan, in ka ce sai ka cika tera 2 da wannan tafiyar hawainiyar za ka kwashe awa 37 rubutu kawai, ga kuma halin wutarmu. Don haka ni shawarata ka zaɓi inda aka rubuta only ka sa 150000, wato wajen giga 150, rubutun zai ɗauki awa uku, karatun ya biyo baya. Ka jona caja kuma ka hana laftof ɗin yin barci. In jabu ne za ka ga ta rubuta The media is likely to be defective, a ƙasa ta nuna adadin da yake OK, naka ina zaton wajen giga 58, sauran kuma DATA LOST. Wancan adadin na OK shi ne ainihin abin da ka saya. Amma fa ka lura, in ya tsallake giga 150 iya 150 ɗin kawai ka tabbatar, mai 256 a ciki zai wuce wannan gwajin, sai ka bar shi ya yi cikakken gwajin.

In kana sauri akwai ValiDrive da Steve Gibson ya fitar a 2023, ita ba ta cika wurin, wurare 576 take tsinta daga farko har ƙarshe ta gwada kowanne, kore lafiya, ja babu komai a wurin. Ta USB kawai take aiki, kuma ita nake ɗauka in zan je sayayya a kasuwa, a gaban mai shago nake jonawa. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan.

Ka ɗauki hoton sakamakon da na kwalin ka tura wa inda ka saya tun kwanakin mayar da kaya ba su ƙare ba. Fomat ba ya gyara shi, kuma ni ko giga 58 ɗin ba zan ɗora masa aikin mutane ba, don memorin da suke sawa ciki galibi mafi arha ne marar inganci. Gaba in za ka saya ka fara tambayar kuɗin tera 2 a shaguna biyu ko uku, in wani ya ba ka a kuɗin da ko giga 256 ba zai saya ba ka bar masa kayansa. Ka kuma kalli gudun kofi, SSD na gaske ko mai araha ne a USB 3 ɗaruruwan mega yake yi a sakan, wanda ya maƙale a 15 ko 20 tun daga fayil ɗin farko abin tuhuma ne.

Tambaya: Ni kuma nawa tera 1 ne amma 931GB yake nunawa, an cuce ni kenan?

Amsa: A'a hajiya, wannan daidai yake. Kamfanoni da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024, shi ya sa mai 512 yake fitowa 476, mai tera 2 kuma 1.81TB. Duk da haka ki yi masa gwajin can na sama kafin ki zuba hotunan da ba ki da su a wani wuri.