Imoji 31 a tallan dambu guda ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da dambun nama a Misfala, nan Makka, ina kai wa 'yan Umara har masaukinsu. Kullum na sa hoto a WhatsApp da Instagram sai a yi ta tambayata nawa ne, a ina nake, alhali na rubuta. Ga abin da nake sawa a ƙasan hoton, a duba mini:

🔥🔥🔥 Assalamu alaikum 🙏🙏 'yan uwa 🕋🇸🇦🇳🇬 sabon kaya ya iso 💃💃 dambun 🐄 da na 🐔 mai daɗi 😋😋😋 2️⃣5️⃣ riyal kacal ✅✅ a kira 0️⃣5️⃣… 📞📞

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Na zauna na ƙirga: imoji 23 ne a nan, ban da sauran lambobin wayarki takwas da na cire kafin a buga, su ma duk cikin shuɗin akwati suke. Jimilla 31 ke nan. Ai ko lallen amarya bai kai wannan cika ba. Masu tambayarki ba su da laifi, ido ne ya rasa inda zai sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne lambobin nan na cikin akwati, kuma ina ganinsu a tallan masu abaya, masu turaren wuta, masu kai kaya gida, kowa da kowa. A idonki 0️⃣5️⃣ lamba ce, amma a wurin waya ado ne. Kowace ɗaya lamba ce da aka liƙa mata wasu alamomi biyu a ɓoye don ta fito cikin akwati. Idan kika rubuta lambar waya da lambobi na yau da kullum a cikin saƙo, WhatsApp yana gane ta, mutum ya taɓa ya kira ko ya ajiye. Ta akwati kuwa ba ta taɓuwa. Ki yi tunanin dattijon da ya fito daga ɗawafi a gajiye, ƙafa a kumbure, yana son dambu, sai ya nemi biro ya kwafe lamba goma ɗaya bayan ɗaya. Da yawa ba za su yi ba, za su wuce wurin wata.

Haka hoton saniya da na kaza. Kin cire kalma kin sa hoto a madadinta, to kalmar ta ɓata ke nan. Matar da ta ga tallanki a guruf ranar Litinin, ta tuna da shi ranar Alhamis, za ta shiga wurin bincike ta rubuta "kaza". Ba za ta same ki ba, domin ba ki rubuta kaza ba. Akwai kuma 'yan'uwanmu makafi da masu raunin gani da ke amfani da TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone. Waɗannan manhajoji suna karanta sunan imoji da baki, saboda haka kafin mutum ya kai ga farashi sai ya saurari wuta, da hannuwa, da tutoci, da mace mai rawa. Wannan wahalar da mutane ne ba gaira ba dalili.

Sai maganar 🕋 da 🇸🇦. Tutar Saudiyya tana ɗauke da kalmar shahada. Ni dai raina ba ya so in gan ta, ita da Ɗakin Allah, an jera su da mai rawa a kan tallan abinci. Kuma ba su gaya wa mai saye komai ba, don kowa ya san a Makka yake. Wanda ya buɗe wani shafin a kwamfuta mai Windows ma sau da yawa ba tuta zai gani ba, haruffa biyu zai gani, SA da NG.

To ga yadda nake yi, kuma shi nake so ki riƙe. Ki goge imoji duka, kar ki bar ko ɗaya, ki karanta abin da ya rage. Naki zai zama: "Assalamu alaikum 'yan uwa sabon kaya ya iso dambun da na mai daɗi riyal kacal a kira". Kin gani? Babu nama, babu kuɗi, babu lamba. Kuma ko a da ɗin ba ki faɗi unguwarku ba, ba ki ce kina kaiwa masauki ba, ba ki ce riyal 25 ɗin na roba ne ko na kilo ba. Adon ya rufe miki ido har kika ɗauka kin faɗa. Sai ki cike waɗannan da kalmomi, kowane bayani da layinsa. Bayan saƙo ya tsaya da ƙafarsa, sannan ki dawo da imoji, ɗaya tak a farkon layi, wanda zai nuna wa ido abin da layin ya ƙunsa:

Assalamu alaikum. Dambun nama sabon yi, na saniya da na kaza.
💰 Roba ɗaya riyal 25
📍 Misfala, ana kaiwa har masauki
📞 05XXXXXXXX

Na ɗauka roba ce kuma kuɗinsu ɗaya. In na kaza ya fi tsada, ki ba shi layinsa. Uku suka rage daga 31, kuma ko an cire ukun saƙon bai rasa komai ba. Layin farko na bar shi babu ado da gangan, saboda Instagram yana yanke rubutu bayan haruffa kamar 125, sauran sai an taɓa kafin ya buɗe. A tsohon rubutunki wuta da tutoci ne suka cinye wannan fili mai tsada. In har kina son 😋 ɗinki, ki sa ɗaya a ƙarshen jimla bayan aya, ba a tsakiyar magana ba. Kafin ki saki, ki tura wa wata 'yar'uwa mai waya irin ta da, ki tambaye ta nawa ne kuma ina za ta zo. In ta amsa nan take, ki saki.

Tambaya: Malam, ina haɗa Hausa da Larabci a tallan shagona a Jidda, sai imoji ya riƙa tsallakawa wani gefe daban da inda na sa shi.

Amsa: Larabci daga dama yake tafiya, Hausar boko daga hagu, shi kuwa imoji ba shi da ɓangare, maƙwabtansa yake bi. In ya faɗo a iyakar harsunan biyu, sai ya bi alkiblar layin gaba ɗaya. Raba su: Hausa da layinta, Larabci da layinsa.

Tambaya: Daga Madina nake. Tes ɗin gaisuwa nake tura wa iyayena a gida, gajere, amma ana cire mini kuɗin saƙo biyu.

Amsa: Ka sa imoji, ko ba haka ba? Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma imoji guda yana shiga sai ma'aunin ya sauka zuwa 70. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma haka suke yi. Zuciyar nan da kake sa wa Mama a ƙarshe ita ke ci maka kuɗi. Ka bar ta sai a WhatsApp.

Tambaya: Na tura wa babana imoji, ya ce shi akwati kawai ya gani babu komai a ciki.

Amsa: Imojin sabo ne, wayar Baba ba ta san shi ba. Ana ƙara sababbi a Unicode, wato kundin haruffa da alamomin da wayoyi ke bi, lokaci-lokaci. 🕋 Ya shigo a 2015, 🤲 a 2017. Ki sabunta masa WhatsApp da manhajar wayar, in ta ƙi ɗauka ki rubuta masa da kalmomi.