Nassi ɗaya, aiki hawa uku

"Ina koyar da aji biyar na firamare. Wasu yaran kafin in juya sun gama karanta nassin, wasu kuma har yanzu harhaɗa baƙi suke yi. Na ji ana cewa a ba da aiki hawa-hawa a kan nassi guda. Yaya ake yi ba tare da na shirya darasi uku ba?"

Malama, sannu da fama. Darasin ɗaya ne, manufarsa ma ɗaya. Abin da yake bambanta shi ne yawan tallafin da kowane rukuni zai samu kafin ya kai ga manufar. Don haka tun kafin ki rubuta tambaya ko ɗaya, ki tsayar da abin da kike so kowane yaro ya iya a ƙarshen darasin.

Ga wanda na saba yi. Nassi ne mai kalmomi kamar 200 a kan zaizayar ƙasa, kuma na sa wa kowane layi lamba. Manufar ita ce yaro ya gano dalili da abin da dalilin ya haifar. Minti goma na farko na kowa da kowa ne: in bayyana kalmomi irin su saiwa, gangare da kwazazzabo, sannan in karanta da ƙarfi sau biyu suna bi da yatsa. Bayan nan nake raba takardun aiki.

Rukunin farko, wato masu rauni a karatu, ina ba su ƙananan katuna uku a hargitse: "an sare bishiyoyi", "babu saiwar da za ta riƙe ƙasa", "ruwan sama ya kwashe ƙasar sama". Su jera su yadda abin ya faru, sannan su ƙarasa jimlar "Ƙasa ta zaizaye saboda...", na kuma nuna musu layukan da za su duba. Na tsakiya babu kati, su za su zaƙulo dalilai biyu da kansu, kowanne da lambar layin da ya zama hujjarsu. Na sama kuwa tambayarsu ba ta da amsa a fili cikin nassin: gonaki biyu, ɗaya a gangare ɗaya a shimfiɗe, duk an sare bishiyoyinsu, wacce za ta riga zaizayewa, kuma wane layi ne ya goyi bayan hasashenku? Nassin ya ce ruwa mai gudu da ƙarfi ya fi ɗaukar ƙasa, saura su haɗa wannan da gangaren.

Ni aikin na sama nake fara rubutawa, sannan in riƙa ƙara tallafi ina sauka. Idan aka fara daga ƙasa, yawanci masu rauni kan ƙare da kwafe jimloli, masu ƙoƙari kuma a jibga musu tambayoyi goma irin guda. Yaron da ya ga ladan saurinsa ƙarin aiki ne, gobe jan ƙafa zai yi, kuma ban ga laifinsa ba.

Ki riƙa zagayawa a cikin minti ashirin ɗin da suke aiki. Idan rukunin farko sun gama ba su ko kalli nassin ba, tallafin ya yi yawa, katunan sun ba da amsa. Idan rukuni ɗaya ya gama a minti biyar alhali sauran suna tsaka da aiki, hawan bai daidaita ba. Idan kuma na sama suka cika takarda da ra'ayi babu lambar layi ko ɗaya, hira suka yi.

Wajen rabon, kada ki dogara da sakamakon jarrabawar zangon da ya wuce. Ana gobe darasi ki ba su gajeren sakin layi da tambayoyi biyu, ɗaya amsarta a fili, ɗaya sai an yi tunani, ki raba su rukuni-rukuni bisa amsoshinsu. Rukunin ba na dindindin ba ne, mai fama da nassin kimiyya yana iya zarce kowa a ƙagaggen labari. Sa wa rukunoni sunan launi ba ya ɓoye komai, yara sun san dawan garin. Sauyin da suke gani mako-mako shi ke rage gori.

Hanyar tana da iyaka. Yaron da yake tuntuɓe a fiye da kalma ɗaya cikin goma, nassin ya fi ƙarfinsa. Ki haɗa shi da wanda zai karanta masa don kada tunanin ya wuce shi, amma yana bukatar lokacinsa daban na koyon haɗa baƙi da wasali.

Minti goma na ƙarshe ki dawo da su wuri ɗaya da tambaya guda: me manomi zai yi ya hana ƙasarsa tafiya? Ki fara da rukunin farko, don jerin katunansu shi ne tushen amsar.