Katin Anki sun min yawa, ya zan yi?

"Ina 300L likitanci a Jos, saura wata 2 jarabawa, kullum Anki, manhajar bitar karatu da katin tambaya da amsa, na tara min kati sama da 500, na kasa gamawa."

'Yar'uwa matsalar daga sabbin kati take, ba daga manhajar ba. Duk sabon katin da kika buɗe yau sai ya dawo miki gobe, ya sake dawowa bayan 'yan kwanaki, to in kina ɗaukan sabbi 50 kullum, cikin 'yan makonni bita kaɗai sai ta kai wajen 500. Shiga Options na dek ɗin, wato tarin katinki, ki mai da New cards/day zuwa 0 har sai kin biya bashin da ke kanki, sannan ki koma 20.

Sai kuma yadda kike rubuta katin. Kar ki sa "lissafo jijiyoyin kai guda 12" a kati ɗaya, ɗaya ta kuɓuce miki sai ki danna Again, duka sha biyun su dawo. Ki fasa shi, "jijiya ta 7?" amsa fashiyal, wato jijiyar fuska, shi ke nan.

Kuma don Allah in kin manta amsa kar ki danna Hard don jin kunya, Anki ɗauka yake kin tuna, sai ya ƙara tura katin nesa, ranar jarabawa ki neme shi ki rasa.