Haruffa masu tazara ɗaya a kalma da jerin ABCD

"Ana cewa a ƙirga haruffa bibbiyu da tazararsu a kalma take daidai da tazararsu a jerin ABCD. Kullum amsata kasawa take yi. Yaya ake yi?"

Da alama gaba kawai kake ƙirgawa. Ɗauki SUPER. Ɗora yatsa kan P, ka ci gaba da karanta jerin Turanci, kowane harafi a kan na gaba: Q ya faɗa kan E, R ya faɗa kan R. Ka samu ɗaya. S da U da E ba su ba da komai ba.

Sai ka juyo daga ƙarshe. Daga R: S kan E, T kan P, U kan U. Ga na biyu, domin P da E ne tsakanin U da R a kalmar, S da T kuma a jeri. Amsa 2 ke nan.

In ka dace da ɗaya kada ka tsaya, ƙarasa har bakin kalmar, harafi guda yakan dace da biyu. Kuma kada ka sa ɓ, ɗ, ƙ, lissafin zai goce. Wata tambayar ƙirgawa gaba kaɗai take nufi, don haka karanta umarninta, in ya rikita ka tambayi malaminka.