Riba biyu a takarda ɗaya, wacce ce tawa?

Tambaya: Salam 'yan uwa. Ina da shagon kayan masarufi a kasuwar Wunti a nan Bauchi. Yarona ya fassara min takardar riba da asara da akanta ya yi min, sai na ga riba har biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da wani abu kuɗin gudanarwa a tsakani. Wacce ce tawa?

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Ta ƙasan ce taka. Na daɗe ina riƙe wa kawuna littafi a shagonsa na kasuwar Muda Lawal, bari in kwatanta maka da lissafin wata ɗaya irin na shagonsa.

Ta saman, wadda akantoci ke cewa giros, ɗanyar riba ce, wato cinikin da ka yi a cire kuɗin sarin kayan da aka SAYAR, ba duk kayan da ka saro ba, nan ne mutane ke faɗawa rami. A ce ranar 1 ga wata akwai kayan 900,000 a shago, cikin watan ka saro na 1,500,000 har da kuɗin mota daga Kano da na 'yan dako, don kuɗin kawo kaya cikin sari yake shiga. Ƙarshen wata aka ƙirga aka samu kayan 870,000 sun rage. To 900,000 a tara da 1,500,000 a cire 870,000, ya zama 1,530,000, kuɗin abin da ya fita daga shago kenan. In cinikinka 1,800,000 ne, ɗanyar riba 270,000, wato naira 15 a kowace naira 100 ta ciniki.

Amma fa ƙirgan nan da farashin sari ake yi, ba farashin da kake sayarwa ba. Wata rana mun yi kuskuren nan, yaron shago ya ƙirga katan-katan na taliya da galan ɗin mai a farashin sayarwa, riba ta kumbura a takarda, kawu har ya fara maganar buɗe shago na biyu, sai da muka sake ƙirgawa katan bayan katan har isha'i kafin muka gano. In ka ga giros ya yi tsalle daga 15 zuwa 25 alhali ba ka ƙara farashi ba, koma kan ƙirga. In kuma ya faɗi haka kawai, ko sari ya tashi ba ka bi shi ba, ko kaya na lalacewa, ko kuma akwai hannun da ke ɗauka.

Kuɗin gudanarwa shi ne abin da shago ke ci ko an yi ciniki ko ba a yi ba, da 'yan ƙananan da ke bin ciniki. Haya 240,000 a shekara, ba a watan da ka biya za a jibga ta ba, rabawa ake yi gida 12, 20,000 kowane wata. Albashin yaro 30,000, wuta da man janareta 35,000, maigadi da shara da haraji 5,000, cajin banki da na na'urar cire kuɗi 8,000, leda 7,000. Jimla 105,000. Cire shi daga 270,000, saura 165,000, ita ce tsantsar riba, net ɗin. In akwai kuɗin ruwan banki ko harajin riba, su ma sai an cire kafin a kai nan.

Yanzu na san abin da za ka ce, don shi kawu ya ce min, to ina 165,000 ɗin, ni ban gan ta a aljihu ba? Kuɗin cefane da kake zara daga durowa kullum da safe ba kuɗin gudanarwa ba ne, ribarka ce kake ci tun kafin a lissafa ta, 4,000 kullum a kwana 30 ai 120,000 kenan, saura 45,000. Haka mudun shinkafa da sukarin da kake aikawa gida, a rubuta su daban a farashin sari, in ba haka ba za su ɓace cikin kuɗin kayan da aka sayar, giros ya ragu ka yi ta zargin yaro a banza. Sannan bashi: takardar nan tana ɗaukar kayan da aka karɓa bashi a matsayin ciniki, ko da mai shayin bai biya ba tukuna, to riba na nan a takarda, kuɗin kuwa na littafin bashi.

Ka ce wa yaronka ya duba ko akantan ya sa ma kai kanka albashi a cikin kuɗin gudanarwa. Yawanci a shagon mutum ɗaya ba a sawa, wato 165,000 ɗin nan har da ladan zamanka a shago daga safe zuwa magariba a ciki. In ba damuwa ka turo adadin layuka ukun, ciniki da giros da gudanarwa, ba sai da sunan shago ba, mu duba tare.