Lambar Waya Ce Ke Bambanta Mutane, Ba "Alhaji Mai Gida 2" Ba

Tambaya: Malam, ina dillancin gidaje a Kano. Masu gidaje, 'yan haya da masu saye duk suna cikin Excel ɗaya, wani sunansa ya fito sau uku. In danna Remove Duplicates? Daga wani dillali.

Amsa: Ɗauke hannunka tukuna. Na san irin fayil ɗinku: "Alhaji mai gida", "Alhaji mai gida 2", "Hajiya Hotoro sabuwa". Wannan abu yana ci mini rai, don alhazan Kano ba sa ƙirguwa. Lambar waya ce ke bambanta mutum da mutum, ita kuma kun rubuta ta iri uku: wata da 0803, wata da +234803, wata Excel ya cinye mata sifilin farko. A wurin kwamfuta mutum uku ne.

Fara ajiye kwafin fayil ɗin a gefe. In lambobin suna layin C, buɗe sabon layi ka sa wannan, ka ja shi har ƙasa:

```
="+234"&RIGHT(SUBSTITUTE(C2," ",""),10)
```

Zai share tazara, ya ɗebi alƙaluma 10 na ƙarshe, ya liƙa +234 a gaba. Amma ka fara ware 'yan Maraɗi da Damagaram, lambar Nijar alƙaluma 8 ce bayan +227, wannan lissafi ɓata ta zai yi. In kuma ka ga 2.34803E+12 a gurbin wata lamba, kada ka adana fayil ɗin a CSV a haka, ragowar alƙaluman sun tafi ke nan.

Daga nan ka haska maimaici da Conditional Formatting, ka zaɓi Duplicate Values, ka bi da idonka. Remove Duplicates jerin farko yake bari ya zubar da sauran. Ka ɗauki mutumin da ke da gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, yana kuma neman fili a Hotoro: danna ɗaya, ka rasa mai saye ba ka sani ba. Ni jeri ɗaya nake ba kowa, da gurabe uku: mai gida, ɗan haya, mai saye, ina sa "e" inda ya dace. Gidajen da ranar ƙarewar haya kuwa shafinsu daban, lambar wayar ce ke haɗa su.

Tambaya: A wayata ma sunayen sun ninku.

Amsa: Shiga Google Contacts, danna Merge & fix, sannan ka raba su da Labels.

Tambaya: Na tura wa 'yan haya tunin kuɗi ta Broadcast na WhatsApp, rabi sun ce ba su gani ba.

Amsa: Mai yiwuwa gaskiyarsu ce. Broadcast ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka, kuma jeri ɗaya ba ya wuce mutum 256. Kada ka ce za ka zuba su a zaure guda, kowa zai ga lambar kowa. Ranar sa hannu a takardar haya, sa ɗan haya ya ajiye lambar ofis a gabanka kafin ka miƙa masa makulli.